Kumburin ciki da na ƙafa: yadda ake gane ko ruwan daga hanta ne, ko zuciya, ko ƙoda

A Mazanya da Magama, garuruwan bakin iyaka a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, mutumin da cikinsa ya tashi ƙafafunsa kuma suka kumbura yana da hanyoyi biyu zuwa babban asibiti. Ɗaya ta nufi birnin Katsina, ɗaya ta tsallaka Ɗan Isa zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Kafin a kama ko wace daga cikinsu, galibi an riga an yanke wa ciwon hukunci a gida: wani ya ce sammu ne, wani ya ce shawara ce ta daɗe, wani ya ce teɓa ce. A asibiti kuwa, kumburin ciki da na idon sawu alama ce, ba sunan cuta ba. Ruwa ne ya fita daga jijiyoyin jini ya taru inda bai kamata ba, kuma gaɓoɓi uku ne aka fi tuhuma: hanta, zuciya da ƙoda. Kumburin nasu yakan yi kama ga ido, amma maganin da zai taimaki mai ɗaya yana iya cutar da mai ɗayan.

Yadda ruwa ke barin jijiya

Ƙananan jijiyoyin jini ba a toshe suke kamar bututun roba ba. Bangonsu yana tsatsafo, kamar randar ƙasa. Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a wannan bango. Na farko shi ne matsin jinin da ke ciki, wanda ke tura ruwa waje. Na biyu wani furotin ne mai suna albumin, wanda hanta ke ƙerawa, yana yawo cikin jini yana riƙe ruwa a ciki. A jikin mai lafiya akwai giram 3.5 zuwa 5 na albumin a kowace desilita ta jini, kuma ƙarfin biyu sun daidaita.

Idan matsin ya ƙaru, ko albumin ya ragu, ruwa sai ya fita fiye da yadda ake mayar da shi. Daga nan sai ƙoda ta ƙara dagula lamarin ba da nufi ba. Tana jin kamar jini ya yi ƙaranci a jijiyoyi, sai ta riƙe gishiri, gishirin kuma ya riƙe ruwa, ruwan ya sake tsatsafowa waje. Babban mutum yakan tara kusan lita uku a jiki kafin kumburin ya bayyana a ƙafa. Nauyi ne ke kai shi idon sawu idan ana tsaye, ko ƙugu idan majinyaci ya daɗe a kwance. Ana tabbatar da shi ta hanyar danna babban yatsa a ƙashin ƙauri na ɗan lokaci: idan aka ɗaga aka bar rami, ruwa ne.

A ciki kuma ruwan yana taruwa ne a sararin da ke tsakanin hanji da bangon ciki. Likita yakan kwantar da majinyaci rigingine ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa. Wajen cibiya yana amo kamar ganga saboda hanji na yawo a sama, gefuna kuma suna amsawa a dushe. Idan aka juya majinyaci gefe ɗaya, wurin da ya dushe sai ya sauya, domin ruwan ya gangara. Teɓa ba ta yin haka, iska ma ba ta yi. Wannan dabara ba ta kama ruwan da bai kai kamar lita ɗaya da rabi ba, amma na'urar hoton ciki tana ganin abin da bai wuce rabin kofin shayi ba.

Hanta

Ita ce ta fi kowace gaɓa haddasa ruwan ciki. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta yana zuwa ne ta wata babbar jijiya da ta kwaso shi daga hanji da saifa. Idan hanta ta daɗe tana rauni tana warkewa, sai tabo ya maye gurbin namanta, ta ƙanƙance ta taurare. Jinin da ke son ratsa ta sai ya dankare a baya kamar ruwa a bayan madatsa, matsi ya hau a jijiyoyin hanji, ruwa ya zuba cikin ciki. Ita kuma hantar da ta lalace ba ta ƙera albumin isasshe, don haka matsalar ta zo ta fuska biyu. Shi ya sa a ciwon hanta ciki ne ke fara tashi, kuma yakan fi ƙafa girma nesa, yayin da kafaɗa da hannuwa da fuska ke ramewa.

A ƙasar Hausa babban mai laifi shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya gano ta a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma kashi 1.1. Abin da ya sa take da haɗari shi ne lokacin kamuwa. Baligin da ya kamu yakan kore ta daga jikinsa, amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, tara cikin goma za su zauna da ita har abada. Ba ta ba da wata alama tsawon shekaru ashirin ko talatin, sai mutum ya kai ganiyar ƙarfinsa sannan ciki ya fara tashi. Aska ɗaya ta wanzami da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita, da allurar da aka sake amfani da ita, duk hanyoyi ne. Akwai kuma abin da ke ƙara mata ƙarfi: gubar aflatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Idan ta haɗu da nau'in B, haɗarin sankarar hanta yana ninkuwa sosai.

Tsargiya ma tana da hannu. Wadda aka fi sani ita ce mai sa fitsarin jini, amma akwai ta hanji, wadda ƙwayayenta ke maƙalewa a ƙananan jijiyoyin hanta su haifar da tabo. Dukansu ana ɗaukarsu ne a ruwan da ke kwance mai dodon koɗi, irin na tafkuna da madatsu da magudanun noman rani, abin da ya shafi duk wanda ke kamun kifi ko ban-ruwa a kewayen madatsar Jibiya. Mai tsargiyar hanji yakan zo da ƙatuwar saifa da aman jini tun kafin ruwa ya taru.

Sauran alamun da ke nuna hanta su ne idanu su yi rawaya, jijiyoyi su fito ɓaro-ɓaro a fatar ciki, tafin hannu ya yi ja, barci ya juye a riƙa yin na rana ana kwana ido biyu.

Zuciya

Nan labarin ya juye: ƙafa ce ke fara kumbura, ciki ya biyo baya. Idan zuciya ta gaza tura jini gaba, sai ya koma baya ya cika manyan jijiyoyi, ya cunkushe hanta har ta kumbura tana ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Alamar da ta fi rarrabewa tana wuya. Idan majinyaci ya kishingiɗa a kan matasai, jijiyar gefen wuyansa takan cika ta miƙe har kusa da kunne. A ciwon hanta wannan jijiya a kwance take. Mai ciwon zuciya kuma yana haki, ba ya iya kwanciya shimfiɗe, yakan farka tsakar dare yana neman iska.

Hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne sanadi mafi yawa ga manya. Sai lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wadda ke kama matasa. Sai kuma wanda ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya, wato gazawar zuciya ta masu jego. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka ba da rahoto daga Zariya cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu tana kamuwa, suka kuma ɗora zargi a kan wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. An daɗe a kan wannan fahimta. Daga baya wani bincike na asibitoci da dama a faɗin Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya sake samun yawan cutar a arewa maso yamma kusan yadda yake a da, amma bai ga wata alaƙa mai ƙarfi da waɗannan al'adu ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki, kuma ayyukan Karaye sun nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan. Wannan sakamako ya fi nauyi a wuyan masu mulki, domin zargin al'ada ba ya bukatar kasafin kuɗi, ciyar da mace mai ciki kuwa yana bukata. Duk da haka kanwa cike take da sodiyam, kuma matar da zuciyarta ta riga ta raunana, kunun kanwa ƙara mata ruwa zai yi.

Ƙoda

Ƙoda tana kumbura mutum ta hanya biyu. Ko dai matatarta ta yage albumin ya riƙa zuba cikin fitsari, fiye da giram 3.5 a yini, ko kuma ta gaza fitar da gishiri da ruwa gaba ɗaya, kamar yadda ke faruwa bayan shekaru na hawan jini ko ciwon suga. Kumburinta yakan fara a fuska: a tashi da safe idanu sun yi luhu-luhu, zuwa yamma ya sauka ƙafa. Fitsari yana kumfa wadda ba ta saurin kwantawa. Gwajinta shi ne mafi araha a cikin ukun, ɗan tsinken takarda ne ake tsomawa a fitsari, cikin minti ɗaya launinsa ya nuna ko akwai furotin.

Ga ƙaramin yaro akwai abu na huɗu da ba a mantawa da shi a Jibiya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aikin jinyar tamowa: kumburin ƙafa biyu na yunwa. Wannan abincin jinya yake bukata, ba maganin fitar da ruwa ba.

Misali da lissafinsa

A ƙaddara wani magidanci ɗan shekara 38 mai lodin kaya a kan iyakar Magama. Nauyinsa na da kilo 62 ne, yanzu ya kai 71 duk da cewa ba ya iya cin abinci sosai. Cikinsa ya fara tashi wata uku da suka wuce, ƙafa ta biyo baya. Jijiyar wuyansa a kwance take, yana kwanciya shimfiɗe ba haki, tsinken fitsari bai nuna furotin ba. Tun a nan an rage zargin zuciya da ƙoda ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Gwajin jini ya nuna yana ɗauke da nau'in B, hoton ciki kuma ya nuna hanta ƙarama mai gargada da saifa babba.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ne mai yanke hukunci. Ana zuƙo ɗan ruwan cikin da sirinji daga gefen hagu na mara, a auna albumin ɗinsa, a auna na jini a rana guda, sannan a debe na ruwan daga na jinin. Idan tazarar ta kai 1.1 ko ta wuce, matsi ne a jijiyar hanta ya turo ruwan. Na mutumin nan, jini ya ba da 2.6, ruwan ciki 0.9, tazara ta zama 1.7. To amma zuciyar da ta cunkushe hanta ita ma tana ba da tazara mai yawa, don haka sai a duba adadi na biyu, wato jimillar furotin da ke cikin ruwan. Ƙasa da giram 2.5 a desilita yana nuna hanta mai tabo, sama da haka yana nuna zuciya. Nasa 1.3 ne. Hukunci: taurarewar hanta sakamakon nau'in B.

Da mace ce mai jego 'yar wata biyu da haihuwa, mai haki da cikakkiyar jijiyar wuya, ana iya samun tazara 1.5 da furotin 3.2, sai a tura ta hoton zuciya. Da matashi ne mai kumburin fuska, albumin na jininsa zai iya faɗuwa zuwa 1.8, tazarar ta gaza 1.1, furotin ɗin ruwan ma ya yi ƙasa. Idan kuwa tazara ta yi ƙasa amma furotin ya yi yawa, an fita daga gaɓoɓin uku ke nan: sai a nemi tarin fuka na ciki ko sankara. Tarin fuka na ciki ba baƙo ba ne a arewa, yana zuwa da zazzaɓin dare da zufa da rama, kuma yana warkewa sarai da maganin wata shida da ake bayarwa kyauta. Mutumin da aka sallama da cewa hantarsa ta mutu, ba tare da an duba ruwan ba, wataƙila wannan ne ke damunsa.

Adadi na uku shi ne fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, waɗanda ake kira nitirofil. Idan suka kai 250 a kowace milimita kubik ta ruwan, ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma dole a fara allurar kashe su a ranar, ko da majinyaci ba ya zazzaɓi.

Magani da inda yake ɓaci

Ga wannan magidanci, ana farawa da rage gishiri zuwa kimanin giram biyar a yini, cikin ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye. A nan iyalai kan yi kuskure: su cire gishiri daga miya su ƙara dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa da garin ɗanɗano na taliyar leda da kilishi duk suna cikin lissafi. Rage shan ruwa ba shi ne dabara ba, sai idan gwaji ya nuna sodiyam na jini ya faɗi sosai.

Sannan maganin sa fitsari. A ciwon hanta ginshiƙin shi ne sifironolakton, miligiram 100 a yini, sau da yawa tare da furosemid miligiram 40, wanda aka fi sani da Lasis. Likita na ƙarawa a hankali yana duba jini. Ma'aunin nasara sikeli ne: kada nauyi ya ragu fiye da kilo ɗaya a yini muddin ƙafa na kumbure, rabin kilo kuma bayan ta sace. Kilo tara na mutumin nan aikin makonni ne. Wanda ya sayi Lasis a kemis yana sha babu awo zai ga ƙafa ta sace da wuri, amma ruwan ciki ba ya komawa jijiya da irin wannan sauri. Sai jini ya ƙafe, ƙoda ta tsaya, ko hankali ya gushe. A ciwon zuciya furosemid ne kan gaba, tare da magungunan da ke ƙarfafa zuciyar. Ga mai gazawar ƙoda kuwa, sifironolakton yana iya ɗaga fotasiyam na jini har zuciya ta tsaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a aron maganin maƙwabci don kawai kumburin ya yi kama.

Akwai magani ɗaya da ke cutar da duka ukun: masu kashe ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha kullum, wani lokaci a cikin haɗin da ake ƙullawa a leda. Suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, suna rage jinin da ke isa gare ta, suna kuma iya tayar da zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba su ma nauyi ne a kan hantar da ta riga ta gaji. Tsaga ko sakiya a fatar da ta kumbura kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma irin wannan rauni ba ya saurin warkewa.

Idan ciki ya ɗaure har numfashi na wuya, ana zuƙe ruwan da yawa a asibiti. Akwai jita-jitar cewa wanda aka zuƙe wa ruwa ba ya daɗewa. Gaskiyar ita ce ciwon da ya kai ga zuƙa ya riga ya yi nisa: kusan rabin masu taurarewar hanta da ruwa ya taru musu ba sa wuce shekara biyu idan ba a magance tushen ba. Zuƙar tana da ƙa'idarta. Idan za a cire fiye da lita biyar, ana ƙara wa majinyaci albumin ta jijiya, giram shida zuwa takwas a kan kowace lita, don kare ƙoda. Albumin yana da tsada, shi ya sa inda babu shi ake cirewa kaɗan-kaɗan. Ruwan zai dawo muddin tushen na nan. Ga mai nau'in B, tushen yana da magani, ƙwaya ɗaya ta tenofobir a kullum, wadda ke danne cutar har hanta ta ɗan farfaɗo. Ba a dakatar da ita kwatsam, domin cutar na iya tashi da ƙarfi fiye da da.

Ga mutumin bakin iyaka wannan ba ƙaramar magana ba ce. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulkin Nijar. Duk wanda likitansa ke tsallaken iyaka yana bukatar riƙe takardun gwajinsa da sunan maganinsa a hannu, don wani asibitin ya ɗora daga inda aka tsaya. Babban Asibitin Jibiya shi ne zangon farko, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina kuma shi ne na ƙwararru.

Alamu biyar ba sa jiran wayewar gari: aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashin mutum, zazzaɓi tare da ciwon ciki, haki ko da ana zaune, da ɗaukewar fitsari. Mace mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka kumbura tare da ciwon kai ita ma tana cikin wannan sahu. Kumburin ƙafa ɗaya tak mai zafi wani lamari ne daban, yana iya zama gudan jini a jijiya.

Najeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara na yau da kullum tun 2004. Wanda ya haura shekara ashirin da 'yan kai an haife shi kafin wannan tsari, don haka gwaji ne kaɗai zai nuna matsayinsa, kuma idan ba ya ɗauke da cutar yana iya karɓar allurai uku cikin wata shida. Ga jariri, allurar farko tana aiki sosai ne idan an yi ta cikin awa 24 da haihuwa. A ƙauyukan da ake haihuwa a gida, kuma ba a fita da jariri sai bayan suna, kwana bakwai sun riga sun wuce wannan wa'adi. Idan uwa tana ɗauke da cutar, gwajin awon ciki ne zai nuna, kuma ana iya ba ta tenofobir daga watanni ukun ƙarshe na cikin don rage yiwuwar ta ba jaririn.